Lita Nawa, Digiri Nawa: Lissafin Hitar Tankin Ruwa

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, Zariya ko Maraɗi, ƙorafi iri ɗaya ake ji a gidajen da ke da tankin ruwan zafi: hita ta tsufa, ba ta ja kamar da. A watan Afrilu ana kunna ta, kafin a gama karin kumallo ruwa ya yi zafi zau. A watan Janairu kuwa sai a kunna tun asuba, hantsi ya dubi ludayi ruwan bai wuce ɗumi-ɗumi ba. Daga nan sai a kira mai gyara, ya kwance ƙarfen, a sayo sabo, a ɗaura, kuma sau da yawa babu abin da ya canja sai kuɗin da suka fita daga aljihu.

Abin da ya sa haka shi ne ana cakuɗa tambayoyi biyu da ba ɗaya ba ne. Ta farko, wutar lantarki nawa ruwan zai sha kafin ya kai zafin da ake so? Ta biyu, tsawon wane lokaci zai ɗauka? Amsar ta farko tana wajen ruwan, hita ba ta da ta cewa a ciki. Ta biyu ce kaɗai ke hannun hita da ƙarfin wutar da ke iso mata. Wanda ya raba waɗannan biyun zai iya sanin kuɗin da zai kashe da lokacin da zai jira tun kafin ya taɓa makunni, kuma ranar da agogo ya saɓa wa lissafi zai san inda zai nemi matsalar.

Ita hitar da ake nutsawa cikin ruwa ba wani abu mai wuyar sha'ani ba ce. Bututun ƙarfe ne da aka lanƙwasa, a cikinsa akwai siririyar waya da aka murɗa, yawanci ta haɗin nikel da kuromiyam, irin haɗin da Ba'amurke Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906. Tsakanin wayar da bangon bututun an danƙara wani farin gari da ke barin zafi ya wuce amma ya tare lantarki. Idan wuta ta bi ta wayar sai ta yi zafi, zafin ya ratsa garin da bututun ya shiga ruwa. Tunda ƙarfen a nutse yake, zafin ba shi da wata mafita. Duk yunit ɗin da mita ta ƙirga, cikin ruwan ya tafi.

Wannan yana da ma'ana a kasuwa. Idan mai shago ya ce ga wata hita mai tattalin wuta wadda ta fi saura, ko dai bai san kayansa ba, ko kuma ya sani yana dai son ciniki. Hita mai araha da mai tsada, muddin lambar wat ɗinsu ɗaya ce, zafi ɗaya suke zubawa. Bambancinsu yana wajen ƙarko da aminci, ba wajen shan wuta ba.

Sai kuma shi ruwan, wanda a cikin abubuwan da ake mu'amala da su kullum da wuya a sami mai cin zafi kamarsa. Kafin lita ɗaya ta ƙara digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas, sai ta haɗiye makamashi kimanin jul 4,186. Kilo ɗaya na baƙin ƙarfe kusan kashi ɗaya cikin tara na wannan yake bukata, man girki kuma wajen rabi. Don a ji nauyin lambar: makamashin da zai ɗaga buhun siminti mai kilo 50 daga ƙasa zuwa sama da taku 27, wato kusan rufin bene mai hawa biyu, shi ne zai ƙara wa lita ɗaya tak digiri ɗaya tak, ƙarin da ko yatsa ba zai ji ba.

Mutumin da ya sha wahalar auna wannan shi ne James Prescott Joule, ɗan Salford kusa da Manchester a Ingila, wanda aka haifa a 1818 ya rasu a 1889. A shekarun 1840 ya riƙa rataya nauyi a jikin igiya, nauyin yana sauka yana juya wasu fukafukai cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duba ɗan ƙarin zafin da ruwan ya yi. Har ya yi hasashen cewa ruwan da ke gindin magangarar Niagara ya kamata ya ɗara na sama ɗumi da wajen kashi ɗaya cikin biyar na digirin Faranhait, saboda faɗowar kawai. Sakamakon da ya wallafa a 1850 bai kauce wa lambar da ake aiki da ita yau da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ne kuma, tun kafin nan, ya gano ƙa'idar yadda waya ke yin zafi idan lantarki ya bi ta cikinta. Ke nan duka ɓangarorin lissafin hita daga hannunsa suka fito.

Sai dai mitar gida ba jul take ƙirgawa ba, yunit take ƙirgawa, abin da ake gani a fuskarta an rubuta kWh. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 za ta sha cikin awa ɗaya, kuma daidai yake da jul miliyan 3.6. Idan aka raba wannan da 4,186 sai a sami 860. Wannan lamba ita kaɗai ce ake bukatar a riƙe a ka: yunit ɗaya yana ƙara wa lita 860 digiri ɗaya, ko lita 86 digiri 10, ko lita 43 digiri 20. Lissafin gaba ɗaya layi biyu ne:

yunit = lita × ƙarin digiri ÷ 860
awa = yunit ÷ kilowat

A lura da kalmar ƙari. Ba zafin da ake son kaiwa ake sakawa ba, tazarar da ke tsakanin inda ruwan ya faro da inda zai tsaya ake sakawa. Yawancin kuskuren da ake yi a nan yake.

A ƙaddara wani ƙaramin masaukin baƙi a Zariya yana da tanki mai cin lita 150, da hita mai wat 3,000, wato kilowat 3, an saita ta ta tsaya a digiri 60. Wata asuba cikin Janairu ruwan da ya kwana a tankin saman rufi ya sauko yana digiri 18. Tazarar ta zama digiri 42. Lita 150 sau 42 ya ba da 6,300, a raba da 860, an sami yunit 7.3. Wannan shi ne abin da ruwan ke bi bashi, kuma ba a yi masa ragi. A raba 7.3 da kilowat 3, ya zama awa biyu da minti 27. Shi ma ƙarfen tankin yana cin nasa rabon. Idan nauyinsa ya kai kilo 40 zai sha wajen rubu'in yunit, wato ƙarin minti huɗu zuwa biyar. A taƙaice awa biyu da rabi. Idan baƙi za su yi wanka da ƙarfe shida, hita ta kama aiki da uku da rabi na dare.

Ta fuskar kuɗi, a farashin naira 225 kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta yanka wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, yunit 7.3 sun kama kimanin naira 1,650. Farashi yana hawa yana sauka, amma yunit ɗin suna nan yadda suke, kowa sai ya ninka da abin da kamfaninsa ke karɓa.

To, a koma watan Afrilu, lokacin da rana ta gasa tankin saman rufi har ruwan ya shigo yana digiri 32. Tazarar ta ragu zuwa 28, wutar ta koma yunit 4.9, lokacin kuma awa ɗaya da minti 38. Hitar ita ce dai ta Janairu, ba ta ƙara ƙuruciya ba, ba ta kuma tsufa ba. Minti 50 ɗin da suka shiga tsakani, yanayi ne ya kawo su.

Idan mai masaukin ya ce wat 3,000 sun yi yawa, bari ya sa mai 1,500 don ya rage kashe kuɗi, bai rage ko kwabo ba. Ruwan zai sha yunit 7.3 ɗinsa cif, illa dai maimakon awa biyu da rabi zai ɗauki kusan biyar. Ƙaramar hita sauƙin da take kawowa na waya ne da na janareta, ba na mita ba.

Ba ruwa mai digiri 60 ake watsawa a jiki ba, sai an sirka. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 40, kuma idan na sirkin yana 18, kusan rabi da rabi ake haɗawa, na zafin ya ɗan rinjaya. Tankin nan mai lita 150 zai ba da wajen lita 286 na ruwan wanka, bokiti 14 masu lita 20. Kowane bokiti ya tashi a kan rabin yunit. A nan ne wata tsohuwar gardama ta cikin gida ke warwarewa, tsakanin masu jefa ƙaramar hita cikin cikakken bokiti da masu tafasa ruwa kaɗan su sirka. Lita 20 daga 18 zuwa 40, wato 20 sau 22, ya ba da 440. Wanda ya zaɓi tafasawa daga 18 zuwa 100 yana da tazarar 82, saboda haka lita biyar da kusan rabi za su ishe shi, kuma 82 sau wannan adadi 440 ɗin ne dai. Dukansu rabin yunit suka biya, dukansu minti 31 suka jira idan hitar mai wat 1,000 ce. Kunnen doki.

Inda mai tafasawa ke tafka asara shi ne idan ya manta ruwan yana ta ɓararraka. Daga lokacin da ruwa ya tafasa, zafinsa ba ya ƙara hawa, duk wutar da ke shiga tururi take zama. Wannan ɓoyayyen zafi, wanda Joseph Black ya bayyana a Glasgow a farkon shekarun 1760, ba ƙarami ba ne. Kai lita ɗaya daga 18 zuwa tafasa bai cika kashi ɗaya cikin goma na yunit ba, amma mayar da ita tururi yana cin fiye da ninki shida na haka. Ƙa'idar 860 a bakin tafasa take tsayawa.

Yanzu sai babban abin da ke rikita agogo a ƙasar nan, wato raunin wuta. Lambar 3,000 da aka buga a jikin hita alkawari ne mai sharaɗi: za ta ba da wannan ƙarfin ne idan wutar ta iso da bolt 230, abin da aka tsara wa layukan Nijeriya. Abin da ba ya canjawa a jikinta shi ne turjiyar wayar, wadda a wannan hita ta kai wajen om 17.6. Ƙarfin da take bayarwa kuwa shi ne bolt sau bolt, a raba da turjiya. Wannan ninkin bolt a kan kansa shi ne mugun ƙulli. Idan wuta ta ragu, matsin da ke tura lantarki ya ragu, kuma saboda haka adadin lantarkin da ke wucewa shi ma ya ragu, sai ragin biyu ya haɗu a kan zafi.

A unguwar da taransifoma ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, ba abin mamaki ba ne a auna soket a ga bolt 180, musamman a lokacin da kowa ya kunna hitarsa. Daga 230 zuwa 180 ragin bai wuce kashi 22 cikin ɗari ba. Amma 180 sau 180 a raba da 17.6 ya ba da wat 1,840 kacal, wato hitar ta zubar da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinta. Yunit 7.3 ɗin masaukin nan, maimakon awa biyu da rabi, sai awa huɗu. Idan wutar ta gangara zuwa wajen 163, ƙarfin ya rabe biyu daidai, jira ya ninka. Abin da ke ƙara ɓatar da mutane shi ne fitilun zamani, domin da yawansu suna haske tar ko da wuta ta yi rauni, ba kamar tsohon ƙwai mai jan zare ba da yake yin ja ya tona asiri. Mai gida ya dubi fitila ya ga lafiya lau, sai ya ɗora laifin a kan hita.

Akwai ƙaramin ragi irin wannan da ke zuwa tun daga kwali. Wasu hitocin da aka ƙera don kasuwar Birtaniya an auna wat 3,000 ɗinsu ne a kan bolt 240. A kan 230 abin da suke bayarwa wajen 2,750 ne, ƙarin minti 13 ke nan a tankin nan. Duba rubutun da ke jikin murfi kafin a yi lissafi yana da amfani.

Shin raunin wuta yana ƙara kuɗi? A tankin da aka lulluɓe da kyau, kusan a'a. Mita tana tafiya a hankali, ta daɗe tana tafiya, ta tsaya kusa da inda za ta tsaya da ma. Amma a tankin da ba shi da lulluɓi labari ya sha bamban, domin duk tsawon lokacin da hita ke zuba zafi ta ciki, bango yana zubar da shi ta waje.

Tanki mai lita 150 yana da bango wajen murabba'in mita 1.7. Idan tsurar ƙarfe ne mai fenti, irin wanda mai walda ya haɗa aka soka masa hita, kowane digiri ɗaya da ya fi iskar ɗakin yana sa shi zubar da kimanin wat 17. Da farko asarar ba komai ba ce tunda ruwan da iskar sanyinsu ɗaya. Amma tana hawa tare da zafin, har ya zama lokacin da ruwa ya kusa 60 tankin yana watsar da wajen wat 700. Da cikakkiyar wuta wannan ya mayar da jira awa biyu da minti 47, yunit kuma 8.4. Da bolt 180 kuwa sai awa biyar, yunit sama da 9. A nan ne kaɗai za a iya cewa girman hita ya taɓa kuɗi, kuma ta inda ba a zata ba: babbar ce ta fi sauƙi, don ta gama da wuri kafin bango ya yi ɓarna da yawa.

Idan aka matsa lissafin gaba sai a ci karo da iyaka. A soka wa wannan tsuran tanki hita mai wat 500. Ruwan zai hau har ya fi iskar ɗakin da digiri 29, wato ya kai wajen 47, daga nan abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Ko mako za a bar ta a kunne ba zai kai 60 ba, mita kuwa tana cin yunit 12 kowace rana. Tankin kanti mai soso mai kauri tsakanin bangonsa biyu yana rage asarar nan zuwa yunit ɗaya ko biyu a yini guda. A ra'ayin mai wannan rubutu, duk wanda ke da tsuran tanki kuma yake tunanin sayen babbar hita, gara ya fara kashe kuɗin a kan lulluɓi, har da bututun da ke fita daga saman tankin, wanda aka fi mantawa da shi.

Wani lokaci kuma agogo yana saɓa wa lissafi ta ɗaya gefen, hita ta kashe kanta tun kafin lokaci. Wannan ba albishir ba ne. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka sama yake hawa ya zauna, ba ya saukowa. Hita ruwan da ke daidai da ita da wanda ke samanta kaɗai take dafawa. Idan an soka ta a kashi ɗaya cikin uku na saman tankin, lita 50 take yi wa aiki ba 150 ba. Yunit 2.4 za ta sha, ta gama cikin minti 49, baƙo na biyar ya gama wanka na shida ya tarar da ruwan sanyi. Wasu tankunan da gangan ake yi masu hita biyu, ta sama don ruwa kaɗan cikin gaggawa, ta ƙasa don cika tanki. Abin da ya kamata a saka a lissafi shi ne litocin da ke saman ƙarfen, ba lambar da aka rubuta a jikin tanki ba. Ana iya ganewa ta hanyar shafa bangon tsuran tanki daga sama zuwa ƙasa da bayan hannu a hankali, za a ji inda ɗumi ya yanke.

Duk wannan yana nufin mitar kati da ke jikin bango ta isa ta zama kayan bincike. A kashe sauran manyan kayan wuta, a rubuta yunit ɗin da suka rage, a kunna hita, a dawo bayan minti 20. Hita mai kilowat 3 a kan cikakkiyar wuta yunit ɗaya za ta ci. Idan abin da ya ragu wajen 0.6 ne, wuta ce ba ta da ƙarfi, ko dai daga layi ko kuma wayar da aka ja zuwa hitar ta yi siriri kuma ta yi nisa. Wanda ba ya son jira sai ya dubi 'yar jar fitilar da ke ƙyaftawa a fuskar mitar. Kusa da ita akwai rubutu irin 1000 imp/kWh, ma'ana ƙyaftawa dubu ita ce yunit ɗaya. A irin wannan mita, kilowat 3 ƙyaftawa 50 ne a minti, bolt 180 kuma wajen 31. Lambar ta bambanta daga mita zuwa mita, saboda haka a karanta ta gidan.

Idan mita ba ta motsa ba sam, ko dai wayar ciki ta tsinke ko tamostat, wato makunnin da ke kashe hita idan zafi ya kai, ya maƙale a buɗe. Mai gyara zai raba gardamar da abin awonsa bayan ya yanke wuta ya cire wayoyin: tsakanin bakin hitar biyu ya kamata ya ga om 17 zuwa 19, idan bai ga komai ba ta ƙone. Idan kuma ya ga hanya tsakanin ɗaya daga bakin da jikin bututun, to bututun ya fashe, lantarki yana shiga ruwa, kuma wannan hita ba ta gyaruwa, jefarwa ake yi. Yanayi na uku shi ne mita ta ci yunit bakwai, takwas, goma, amma ruwa bai yi zafi ba. Tunda zafi ba ya ɓacewa, wani wuri yake tafiya: famfon ruwan zafi da ke ɗiga a wani banɗaki, ko bututun da ke yoyo cikin bango. Ɗigar da ta kai lita 10 a awa tana kwashe wajen wat 490, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin hitar.

Farin ɓawon da ke kama jikin ƙarfen, wanda aka fi gani inda ruwan rijiyar burtsatse ya ratsa duwatsun farar ƙasa, ana yawan ɗora masa laifin shan wuta. Laifinsa ba nan yake ba. Zafin dole ya fita ta cikin ɓawon tunda ba shi da wata hanya, abin da ke faruwa shi ne wayar ciki sai ta ƙara zafi sosai kafin ta iya tura shi waje, kuma wannan ne ke gajarta ranta. Idan ɓawon ya haɗe ƙarfen da bututun tamostat, sai tamostat ya ji zafin ƙarfe maimakon na ruwa, ya riƙa kashewa yana kunnawa. Alamarsa ƙara ce kamar ana soya tsakuwa, da mita mai tafiya tana tsayawa.

Me ya sa aka tsaya a 60 tunda 40 ake wanka da shi? Saboda wata ƙwayar cuta mai kama huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a wani taron tsofaffin sojoji a Philadelphia a 1976. Tana yaɗuwa a ruwan da ke zaune tsakanin digiri 20 da 45, kuma 60 yana kashe ta. Wuce nan kuma ba riba: kai tankin nan 75 zai ci kusan yunit 10 da awa uku da minti 19, ɓawo ya fi saurin kamawa, alhali ko 60 ɗin ma yana saɓule fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, balle ta yaro.

Tsawon lokacin nan shi ne ya sa hitar tanki ta bambanta da butar shayi wajen waya. Kilowat 3 a kan bolt 230 amfiya 13 ne, daidai iyakar fulogi mai ƙafa uku. Buta minti uku take ja ta huta, hita kuwa awa biyu da rabi ba tsayawa, shi ya sa ake ganin soket ya yi baƙi ya narke. Layinta daban take bukata daga akwatin raba wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 aƙalla, da wayar ƙasa da aka tabbatar tana aiki. Ita kuwa ƙaramar ta bokiti ba a tsoma hannu don jin zafi tana kunne, kuma ana zare fulogi kafin a ciro ta daga ruwa.

Ranar da babu wuta, lambar 7.3 ɗin ce dai za ta nuna abin da zai yiwu. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ko ɗaukar hitar ba zai yi ba. Babba zai ɗauka, amma janaretan fetur na gida da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita ɗaya, saboda haka tanki ɗaya zai lashe wajen lita huɗu. Batirin sola mai bolt 12 da lamba 200Ah a jikinsa yunit 2.4 yake riƙewa, kuma idan na dalma ne rabin haka ake ɗiba don kada ya mutu da wuri. Batir shida ke nan za su ƙare a kan ruwan wankan safiya ɗaya, kafin a ƙirga abin da inbata ke ci. Masu sola da suka yi wannan lissafin sukan sa ƙaramar hita mai wat 1,000 ta yi aiki da rana tsaka kai tsaye lokacin da faranti ke ba da wuta fiye da bukata, awa bakwai da 'yan mintuna ga tanki mai sanyi ƙalau, ƙasa da haka ga wanda ya kwana da sauran ɗumi, sannan lulluɓi ya riƙe zafin zuwa asuba da asarar da ba ta wuce digiri biyar ko shida ba.